«Taurarinku Ba Su Haɗu Ba»: Yadda Ake Yin Lissafin da Ke Rushe Aure, da Yadda Ya Kamata a Auna Shi

A Kaduna, kamar sauran garuruwan Hausa, akwai wani ɗan lokaci tsakanin kai kuɗin gaisuwa da sa rana wanda iyaye mata ke yin wani bincike nasu na ɓoye. Iyaye maza suna can suna tambayar asali da sana'a da halin yaro, su kuwa mata sai wata gwaggo ko aminiyar uwa ta karɓi sunaye huɗu, na yaro da na mahaifiyarsa, na yarinya da na mahaifiyarta, ta kai wa wani malami a Rigasa ko Tudun Wada don a duba. Sau da yawa amsar takan dawo da daɗi, a ci gaba da haɗa lefe. Wani lokaci kuma takan dawo da jimla guda wadda ta fi kowace shaida ƙarfi a zuciyar uwa: taurarinsu ba su haɗu ba, ɗaya wuta ne ɗaya ruwa, in an yi auren ba za a ga alheri ba. Daga nan sai a fara jan ƙafa, a daina amsa waya, a wayi gari an mayar da kaya, alhali babu wanda ya kama yaron da sata ko shaye-shaye, kuma babu wanda ya ga wani aibi ga yarinyar.

Abin da ya sa wannan hukunci yake da nauyi shi ne yawancin waɗanda ya shafa ba su taɓa ganin yadda ake fitar da shi ba. Sakamako kawai ake kawo musu, a lulluɓe da larabci da alƙaluma, shi kuwa abin da mutum bai san cikinsa ba yakan ba shi tsoro fiye da ƙima. Saboda haka ya fi kyau a buɗe lissafin a fili, a bi shi daki-daki, kafin a yi maganar ko ya cancanci a rabu da mutumin kirki dominsa.

Hanyar da ta fi yaɗuwa a wajen masu hisabi ta ginu ne a kan abajada, wato tsarin da ya ba kowane harafin larabci adadi: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, haka har zuwa 1000. Ana rubuta sunan mutum da na mahaifiyarsa da larabci, a tara adadin haruffan, a raba jimlar da 12, abin da ya yi saura shi ne lambar burujinsa. Saura 1 Hamal ne, 2 Saur, 3 Jauza'u, 4 Saraɗan, 5 Asad, 6 Sumbula, 7 Mizan, 8 Aƙrab, 9 Ƙaus, 10 Jadyu, 11 Dalwu, in kuma babu saura to na 12 ne, wato Hutu. An kuma kasa burujan nan gida huɗu bisa ɗabi'a: Hamal da Asad da Ƙaus na wuta, Saur da Sumbula da Jadyu na ƙasa, Jauza'u da Mizan da Dalwu na iska, Saraɗan da Aƙrab da Hutu na ruwa. Ƙa'idar da ake yanke hukunci da ita ba ta da wuya: wuta da iska abokai ne domin iska ke hura wuta, ƙasa da ruwa abokai ne domin ruwa ke raya ƙasa, wuta da ruwa kuwa abokan gaba ne. Irin wannan lissafi yana cikin ƙananan littattafan da ake jinginawa ga Abu Ma'ashar, masanin taurari ɗan Balkh da ya zauna a Bagadaza ya rasu a shekarar 886 miladiyya, kuma sun daɗe suna yawo a hannun masu duba a ƙasashen Musulmi.

Mu ƙaddara wani saurayi mai suna Nasiru, malamin makarantar sakandare a Kawo, mahaifiyarsa Faɗima, yana neman Zainab 'yar Unguwar Rimi, mahaifiyarta Amina. Sunayen misali ne kawai, an zaɓe su don kowa ya iya bin lissafin da biro da takarda. Sun shekara biyu suna tare, iyaye sun san juna, an yi bincike an gamsu, an yi gwajin jini an fita lafiya. Sai gwaggon Zainab ta kai sunaye.

Nasir a larabci haruffa huɗu ne: nun 50, alif 1, sad 90, ra 200, jimla 341. Faɗima kuwa fa 80, alif 1, ɗa 9, mim 40, ta-kuri 5, jimla 135. Idan aka haɗa su an sami 476, a raba da 12 saura 8, wato Aƙrab, burujin ruwa. Zainab ita ce zai 7, ya 10, nun 50, ba 2, jimla 69, Amina kuma alif 1, mim 40, nun 50, ta-kuri 5, jimla 96. Haɗinsu 165, a raba da 12 saura 9, wato Ƙaus, burujin wuta. Ga hukunci ya fito: shi ruwa, ita wuta. Malam zai ce wa gwaggo ɗaya zai kashe ɗaya, ko dai ya danne mata arziki ko ta ƙone masa nasa, kuma gwaggo za ta koma gida jikinta a sanyaye.

To amma abajada ba guda ɗaya ba ce. Akwai ta mutanen gabas, akwai ta Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka, kuma sun saɓa a haruffa shida: sin, shin, sad, lad, za mai hannu da gain. A lissafin gabas sad 90 ne, a na Magrib 60 ne. Wannan ba ƙaramar magana ba ce a ƙasar Hausa, domin karatunmu na allo da rubutunmu na warshu ta hanyar Magrib suka zo mana, ga kuma littattafan bugun Masar da Beirut da suka cika kasuwa daga baya, don haka ana iya samun malamai biyu a unguwa ɗaya kowa da abajadar da ya gada. Idan malamin da gwaggo ta je wurinsa na Magrib yake bi, Nasir ya koma 311, haɗe da mahaifiyarsa 446, saura 2. Nasiru ya tashi daga Aƙrab ya koma Saur, daga ruwa ya koma ƙasa, gabar da aka ce tana tsakaninsa da Zainab ta ɓace, alhali shi yana can a aji yana koyar da yara bai san an sauya masa ɗabi'a ba.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Ta-kurin da ke ƙarshen Faɗima, wasu suna ƙirga ta 5 a matsayin ha, wasu suna ƙirga ta 400 a matsayin ta. Mu Hausawa mun saba cewa Faɗimatu, da sautin ta a fili, don haka mai lissafin da ya ba ta 400 yana da hujjarsa. In ya yi haka, sunan uwar ya zama 530, jimlar Nasiru 871, saura 7, wato Mizan, burujin iska. Iska da wuta abokai ne, saboda haka wannan malamin zai yi wa gwaggo albishir cewa taurari sun haɗu, a gaggauta ɗaurin aure. In kuma ya bi ƙa'idarsa har kan Amina ya ba ta 400 ita ma, jimlar Zainab ta zama 560, saura 8, sai ga ta a Aƙrab, burujin da malamin farko ya ce na Nasiru ne. Akwai ma wata matsalar da ta fi wannan kusa da mu: sunayen larabci biyu ne muke kira Amina, ɗaya mai jan alif a farko, irin na mahaifiyar Manzon Allah (SAW), ɗaya kuma mai ya a tsakiya. Harafin ya 10 ne, don haka da shi jimlar Zainab 175 ce, saura 7, ta zama iska. Gwaggon da ta kai sunan da baki ba ta san wanne liman ya raɗa ba shekara hamsin da suka wuce, malam ma bai sani ba, zaɓa kawai ya yi.

Mutum biyu ne, ba su canza ba, amma lissafi ya ba su hukunci uku ko huɗu masu karo da juna, kuma abin da ya raba tsakanin «a fasa» da «a gaggauta» shi ne ƙofar zauren da gwaggo ta shiga. Ko da ma a ce duk malamai sun yi ittifaƙi a kan abajada ɗaya, akwai wani lissafin da ya kamata a yi. Ɗabi'u huɗu ne, haɗuwar namiji da mace tana iya faɗawa ɗaya daga cikin gidaje 16, biyu daga ciki wuta da ruwa ne, biyu kuma iska da ƙasa, waɗanda su ma wasu ke ƙirga su a matsayin masu gaba. Ma'ana, idan aka ɗauki dukan ma'auratan Kaduna aka yi musu wannan hisabi, za a sa ran wajen kashi ɗaya cikin huɗu su faɗa gidan da aka ce bai dace ba, har da tsofaffin da suka shekara arba'in tare suna aurar da jikoki.

Matasan da ke raina bugun ƙasa da hisabi suna da nasu irin a cikin waya, kuma bai fi wancan ƙafafu ba. Taswirar haihuwa, wadda ake zana matsayin rana da wata da sauran taurari a lokacin da aka haifi mutum, tana buƙatar rana da wuri da kuma sa'a daidai, domin burujin da ke ɓullowa daga gabas yana sauyawa kusan duk bayan awa biyu, kimanin digiri ɗaya a kowane minti huɗu. Mu kuwa da yawanmu abin da muka sani game da lokacin haihuwarmu bai wuce «bayan la'asar» ko «da asuba, ranar wata Laraba cikin azumi» ba, wasu ma ranar da ke takardarsu ta rantsuwar kotu ce, shi ya sa masu 1 ga Janairu suka yi yawa. Sannan tsarin Turawa da na Indiyawa ba su ma yarda da juna ba. Turawa suna fara ƙirga burujai daga matsayin rana a wajen 21 ga Maris, Indiyawa suna bin taurarin kansu, kuma saboda juyawar da sandar duniya ke yi a hankali, kimanin digiri ɗaya duk shekara 72, tazarar da ke tsakanin tsarin biyu yanzu ta kai wajen digiri 24 daga cikin 30 na kowane buruji. Sakamakon haka mafi yawan mutane burujinsu na rana a tsarin Indiya shi ne wanda ke gabanin nasu na Turawa. Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin an kawo taswirar ango da amarya gaban mai duba: can maki 36 ake rabawa a fannoni takwas, wanda bai kai 18 ba a ce bai dace ba, kuma an fi dogara da matsayin wata, ba na rana ba. Kowane tsari yana magana da cikakken tabbaci, kuma kowanne yana ƙaryata ɗan'uwansa ba tare da ya ambace shi ba.

An taɓa gwada maganar a kan adadi mai yawa. A shekarar 2007 David Voas na Jami'ar Manchester ya yi amfani da ƙidayar jama'ar Ingila da Wales ta 2001, ya duba ranakun haihuwar ma'aurata wajen miliyan goma, don ya ga ko masu burujan da aka ce sun dace sun fi samun kansu a aure ɗaya. Bai sami wata alama ta hakan ba. Wannan bincike a kan burujin rana na Turawa ya tsaya, bai taɓa hisabin sunaye ba, amma hisabin sunaye ya ma fi rauni, tun da shi ko sama ba ya kallo.

Mai karatu zai iya cewa, to me ya sa mutane ke rantsuwa cewa abin yana faɗa daidai? Dalilin farko yana cikin irin maganar da ake faɗa. Idan aka ce wa uwa «yaron nan yana da zuciya, kuma akwai wata mace a danginsa da ba ta son auren», da wuya a sami gidan da wannan bai hau ba. Wani masanin halayyar ɗan Adam, Bertram Forer, ya nuna haka a 1948 lokacin da ya ba ɗalibansa bayani iri ɗaya sak, kowa yana zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki fiye da 4 cikin 5 wajen dacewa da halinsu. Dalili na biyu ya fi wannan muhimmanci a maganar aure: hukuncin «a fasa» ba ya taɓa faɗuwa jarrabawa, domin in an fasa babu auren da za a duba a ga ko da ya yi kyau. Zainab za ta auri wani, in ta ji daɗi a ce Allah ya tsare ta daga Nasiru, in ta sha wuya a ce da Nasirun ne da abin ya fi haka muni. In kuma aka ƙi jin magana aka yi auren, hukuncin ba ya mutuwa, yana zama ne a ɗaki tare da su. Ɓarin ciki na farko, ko rasa aiki, ko gobara a shago, ko saɓanin da kowane sabon aure ke fuskanta a kan cefane da zuwa unguwa, duk sai a ce ai dama an faɗa. Saɓanin da ya kamata a sasanta cikin kwana biyu sai ya zama hujja, uwa ta daina cewa «koma ɗakinki ki yi haƙuri», ta koma cewa «ni dama hankalina bai taɓa kwanciya ba». A haka maganar malam take gina cikarta da hannun waɗanda suka ji tsoronta.

Hasarar ma ba daidai ake raba ta ba. Namijin da aka mayar wa kayansa zai ji ciwo, ya yi asarar abin da ya kashe, amma bayan wata shida yana iya sallama a wani gidan. Yarinyar da aka ce tauraronta na kashe arzikin miji, maganar ba ta tsayawa a zauren malam, tana bin bakin gwaggo zuwa gidan biki da gidan suna har ta zama farar ƙafa, kuma manemi na gaba zai ji ta kafin ya ga fuskarta. Idan kuwa bayan aure ne aka kai sunayen, abin ya fi haɗari, domin saki ƙirga shi ake yi. Mijin da uwarsa ta tsorata shi da maganar duba har ya rubuta takarda ya ci ɗaya daga cikin igiyoyi uku, kuma nadamar da zai yi bayan ya gane lissafin ba ta mayar da ita. In akwai 'ya'ya, su ne za su tashi tsakanin gida biyu saboda sad da aka ƙirga 90 maimakon 60.

Ta fuskar addini maganar ba ta da ruɗani kamar yadda ake ɗauka, sai dai rigar da mai duba ke sawa ita ke rikita mutane, domin sau da yawa sunansa malam, yana da buzu da tasbaha da allo. Alƙur'ani ya ce a Suratun Namli aya ta 65 babu wanda ya san gaibu a sammai da ƙasa sai Allah. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi wani abu ba za a karɓi sallarsa ta dare arba'in ba, Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa wanda ya ɗebi wani ilimi daga taurari ya ɗebi wani yanki na sihiri. Malamai sun bambanta wannan da ilimin falaki na sanin alƙibla da lokutan salla da shigar damina, wanda manomanmu ma suke amfani da shi. Kiristocin da ke cikinmu su ma suna da irin wannan hani a littafin Ishaya sura 47, inda aka yi wa masu duban taurari na Babila ba'a. Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka cakuɗa duba da istihara, har uwa ta ce «na sa an yi istihara an ce babu alheri», alhali abin da aka yi hisabi ne. Istiharar da Buhari ya ruwaito daga Jabir raka'a biyu ce da addu'a, mai buƙatar ne aka koya wa ya yi da kansa, babu sunan uwa a cikinta, babu raba jimla da 12, kuma hadisin bai ce sai an yi mafarki ba. Wanda ya nemi sunan mahaifiya ya koma ɗaki ya fito da hukunci, ko me ya kira aikinsa, ba wannan ba ne.

Akwai misalin shawarar aure a sunna wanda ya isa ya zama ma'auni. Faɗima bintu Ƙais ta gaya wa Annabi (SAW) cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna nemanta, sai ya ce mata Mu'awiya talaka ne ba shi da dukiya, Abu Jahm kuwa ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya kuma nuna mata Usama ɗan Zaid. Wanda wahayi ke sauka gare shi bai ba ta hukunci a rufe ba, dalilai ya ba ta irin waɗanda za ta iya tambayar maƙwabta ta tabbatar. Shawarar da ta cancanci a fasa aure dominta ita ce wadda take da dalilin da wani mutum daban zai iya bi ya iske abu ɗaya. Gwajin sikila yana da wannan siffa. Idan sakamako ya nuna AS da AS, to kowane ciki yana da haɗarin kashi 25 cikin 100 na haifar mai SS, kuma wanda ya yi shakka yana iya maimaita gwajin a Asibitin Barau Dikko ko wani wurin, in an sami saɓani a san ɗaya ya yi kuskure a sake. Shi ma hukunci ne mai ɗaci da ya raba masoya da yawa, amma an san ta inda ya fito, an san iyakarsa, kuma ba ya sauyawa don an rubuta sunan uwa da ya ko babu ya.

Saboda haka idan irin wannan magana ta shigo gida, abu na farko shi ne a hana ta gudu. Masu kawo ta sukan zo da gaggawa, a mayar da kaya kafin Juma'a, alhali babu abin da zai lalace in an jira wata guda. A cikin wannan wata sai wanda abin ya shafa ya zauna ya tambayi kansa abin da ya sani game da mutumin nan kafin ranar da gwaggo ta dawo: yadda yake yi in ya yi fushi, yadda yake da iyayensa da ƙannensa, ko yana biyan bashi, ko an taɓa kama shi da ƙarya, abin da abokan aikinsa da mutanen masallacinsu ke faɗa. Shekara biyu na irin wannan sani shaida ce, kuma ba ta raguwa don an kawo wata takarda mai alƙaluma. In hukuncin ya ƙunshi wani zargi takamaimai, misali an ce yana da mata a ɓoye ko yana shaye-shaye, sai a cire zargin daga bakin malam a bincike shi kamar yadda za a binciki maganar kowa, domin mai duba yana zaune ne cikin unguwa, yana jin labarai, wani lokaci ma mai kai sunan ce ta ba shi rabin amsar da irin tambayarta da yanayin fuskarta. In kuwa bayan an ce taurari ba su haɗu ba sai aka ƙara da cewa akwai aikin da za a yi a daidaita su, a kawo rago da turare da kuɗi kaza, to wanda ya gano cutar shi ne mai sayar da maganin, kuma wannan kaɗai ya isa a yi hattara. Zuwa wurin malami na biyu don a ji ko zai saba wa na farko ba mafita ba ce, ƙarin kuɗi ne da ƙarin ruɗani, kuma mun riga mun ga dalilin da zai sa ya saba.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne, sau da yawa hukuncin taurari mayafi ne. Uwa tana iya ƙin yaro saboda garinsu, ko sana'ar kakansa, ko don tana da ɗan aminiyarta a zuciya, amma ta san in ta faɗi haka a gaban Alhaji za a ce mata ba hujja ba ce, sai maganar malam ta zo ta ɗauke mata nauyin bayani. Haka shi ma saurayin da zuciyarsa ta riga ta koma wani wuri yakan rungumi hukuncin da hannu biyu, ya fita ba tare da an kira shi mayaudari ba. A irin wannan hali rushe lissafin ba zai warware komai ba, domin ba shi ne ciwon ba, kuma in an nuna wa uwar kuskuren abajada gobe za ta kawo mafarki. Akwai kuma juyin abin, wanda shi ma yana cin mutane: yarinyar da ta ga alamun duka da wulaƙanci tun a waje, amma aka ce mata taurarinku sun haɗu, ta shiga da ƙarfin gwiwar da ba ta da tushe.

Mafi yawan iyaye mata dai ba makirci ke kai su ba, tsoro ne, irin na wadda ta ga aurarraki da yawa sun mutu a danginta take neman wani ya ba ta tabbaci. Irin wannan uwa ba a tunkarar ta da gardama, kuma bai kamata Zainab ta tsaya gaban mahaifiyarta tana karanto mata hadisin dare arba'in ba, domin ko ta yi nasara a hujja ta yi asara a gida. Aikin na wanda uwar ke jin nauyinsa ne, wanta ko kawunta ko malamin Islamiyyar da take zuwa. Shi ne zai iya zama da ita ya ce: «Amina, ni ban zo in ce kin yi laifi ba, na san tsoron da kike ji. Amma ki gaya mini, ban da maganar malamin nan, akwai abin da kika gani ga yaron wanda bai kwanta miki ba?» In ta ce akwai, to an kai ga ainihin maganar, sai a tattauna ta a fili a bincika. In ta ce babu, sai ya ɗauki takarda ya rubuta sunanta da na mijinta da na iyayensu mata, ya yi mata lissafin da abajada biyun a gabanta, ta ga gidan da aurenta na shekara talatin ya faɗa a kowace. Daga nan ya nemi ita da 'yarta kowa ta yi istihararta da kanta, a kuma ɗaga maganar mayar da kaya zuwa bayan wata guda.